Yadda Za Ka Sa 'Yan Unguwa Su Saki Jiki a Wasan Kwaikwayo

Tambaya: "Ƙungiyarmu ta matasa za ta yi wasan kwaikwayo a filin makarantar firamare kan zuwa awon ciki. 'Yan wasan duk mutanen unguwa ne, babu wanda ya taɓa yi. A wurin hira bakinsu ba ya rufuwa, amma da na ce a fara sai su sandare, suna magana kamar masu biya karatu. Saura mako huɗu. Yaya zan yi?"

Idan ka riga ka raba musu takarda mai ɗauke da maganar da kowa zai faɗa, to ranar gwaji na gaba ka karɓe abarka. Mafi yawan sandarewar nan daga takardar take fitowa. Wanda ya haddace magana, da ya tsaya gaban mutane hankalinsa kaf yana komawa kan neman kalma ta gaba. Za ka gane shi da ido: yana kallon sama ko ƙasa, hannuwansa sun saki a gefe kamar ba nasa ba, muryarsa ta koma muryar hadda, kowace jimla tana hawa tana sauka a wuri guda. Abin da ya fi wannan illa shi ne ba ya jin abokin wasansa. Jira kawai yake ya ji kalmar ƙarshe ta wancan don ya sako tasa. Ƙwararren ɗan wasa shekaru yake ɗauka yana koyon yadda zai faɗi abin da ya haddace kamar yanzu ya faɗo masa a rai. Telan unguwarku da mai ƙosai ba su da waɗannan shekarun, amma suna da abin da ƙwararren yake nema ido rufe, wato sun san yadda ake magana a gidajen unguwar nan, sun san inda ake yin shiru da inda ake kewaye. Aikinka shi ne ka shirya musu yanayin da wannan sanin zai fito.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce a ƙasarmu. Tun daga tsakiyar shekarun 1970, malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, su Michael Etherton da abokan aikinsa, suka riƙa shiga Samaru da garuruwa irin su Bomo da Maska suna sauraron matsalolin mutane, sannan a gina wasa a kansu ta hanyar gwadawa da baki, ba tare da an rubuta maganar kowa ba. Ko kafin nan ma, yaran da ke Tashe da azumi babu mai riƙe da takarda a cikinsu. Kowa ya san shi wane ne a wasan, ya san abin da ya zo nema, sauran kuma bakinsa ke kawowa.

Abin da za ka ba su maimakon takarda shi ne ƙashin labari. Kowace fitowa ka taƙaita ta yadda za ta shiga tafin hannu: su wa ke ciki, a ina suke, me kowa ke nema, da me aka fara, da me za a ƙare. Sai jimla biyu ko uku da dole a faɗe su daidai, galibi waɗanda suka shafi bayanin lafiya. Su kaɗai za a haddace.

Bari mu ɗauki fitowa guda daga irin wasan da kuke shiryawa mu bi ta daki-daki. Tsakar gida ce, bayan magariba. Akwai matar gida mai ciki wata bakwai, mu kira ta Talatu, akwai mijinta, akwai kuma mahaifiyarsa, Inna. Gobe ce ranar awo a asibitin garin.

Kuskuren da masu ba da umarni suka fi yi a nan shi ne su gaya wa ɗan wasa abin da zai ji a ransa: "ke ki nuna damuwa," "kai ka nuna fushi." Mutumin da ba ɗan wasa ba, idan ka ce ya nuna fushi, fuska zai murtuke ya ɗaga murya, kowa kuma ya ga cewa yi yake. Tun zamanin Stanislavski na Rasha masu wannan sana'a suka gane cewa ba a umartar zuciya ta ji abu, amma ana iya ba mutum abin da zai nema, kuma idan ya nema da gaske aka hana shi, fushin ko damuwar da kansu za su zo. Saboda haka ka gaya wa mai fitowa a Talatu cewa: "Kafin ya tashi daga tabarmar nan, ki samu izininsa da kuɗin mota." Shi kuma mijin ka ce masa: "Ka ci tuwonka ka fita majalisa ba tare da kowa ya gane aljihunka babu komai ba." Inna kuwa: "Ki tabbatar an san har yanzu maganarki ce ke aiki a gidan nan. Ke takwas kika haifa a ɗakinki." Ka lura kowannensu abu ne da mutum zai iya samu ko ya rasa a gaban idonmu, kuma bukatun uku suna karo da juna. Wannan karon shi ne wasan.

Ina ba ka shawara kada ka faɗi waɗannan a gaban kowa. Ja kowane ɗaya gefe ka raɗa masa nasa. Idan Talatu ba ta san mijin ba shi da kuɗi ba, to a gwajin farko za ta yi mamakin gaske da yadda yake ta kauce wa maganar, za ta zuba masa ido tana neman gane abin da ke ransa. Zuba idon nan shi ne sauraron da kake nema, kuma da zarar ta ɗanɗana shi sau ɗaya za ka iya tuna mata da shi daga baya.

Duk da haka, kada ka zaci gwajin farko zai yi kyau. Abin da ya fi faruwa shi ne Talatu ta shigo, ta tsaya ƙiƙam, ta ce: "Maigida, ina so in je awo gobe, saboda awo yana da muhimmanci ga lafiyar uwa da jariri." Babu matar da ke yi wa mijinta magana haka. Ta faɗi hakan ne don tana ganin shi kake so ka ji. Kada ka ce mata ta yi kuskure. Tambayarta za ka yi: "A gidajen da kika sani, idan mace tana son abu wurin mijinta, yana shigowa take faɗa?" Za ta yi dariya ta ce a'a, ai sai ya sha ruwa, ya ci abinci, ta karanci fuskarsa tukuna. "To da me take farawa?" Za ta ce ai ba kai tsaye ake zuwa ba, sai ta jingina maganar da wata. Sai ka ce ta yi hakan. A karo na biyu ko na uku za ka ji abu mai kama da wannan:

"Sannu da zuwa, Baban Ummi. Ya kasuwar?"

"Kasuwa sai godiya."

Ta ajiye kwano, ta koma gefe ta zauna. Ya kai loma biyu.

"Ɗazu matar maƙwabcinmu ta leƙo. Wai gobe za su asibiti."

"Allah ya sawwaƙe."

"Ba ciwo ba ne, awo ne. Ta ga ƙafata ma, ta ce kumburin ya yi yawa."

Ya yi shiru, ya jawo kofin ruwa. Daga ɗaki Inna ta ɗago murya: "Wace mai cikin ce ƙafarta ba ta kumbura?"

Babu wanda ya rubuta wannan, kuma babu marubucin da zai fi su sanin inda za a sa shirun nan na mijin. Idan irin wannan ya fito, kada ka yi saurin rubuta shi kalma da kalma ka mayar musu, don ka dawo da matsalar takarda ta bayan gida ke nan. Matakan kawai za ka riƙe: gaisuwa, abinci, maganar maƙwabciya, ƙafa, shigowar Inna. Kalmomin su ɗan riƙa canzawa daga gwaji zuwa gwaji, hakan alama ce ta lafiya.

Sai maganar hannuwa, wadda mutane ke rainawa alhali tana warware rabin matsalar. Wanda bai saba tsayawa gaban jama'a ba, abin da ya fi damunsa shi ne bai san inda zai kai hannunsa ba. Ka ba kowa aikin da ya saba yi a gida, kuma da kayan gaske. Talatu ta zauna da faranti tana tsince shinkafa, ko tana gyaran zogale. Inna tana ɓarar gyaɗa ko tana jan carbi. Mijin ya ci tuwo na gaske, da miya, ya wanke hannu da ruwa na gaske a buta. Kada a yi kamar ana ci da kwano wayam, domin kwaikwayon cin abin da babu shi fasaha ce ta daban, wanda bai koya ba zai yi ta kai hannu baki da sauri kamar ana korarsa. Aikin hannu yana sauke kafaɗa, yana daidaita numfashi, yana ba ido wurin sauka. Yana kuma ba ka hanyar nuna abin da ke zuciya ba tare da an yi magana ba. Lokacin da mijin ya ce "a bari sai wani makon," ka ce wa Talatu ta dakatar da tsintar na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba. Tsayawar hannun nan 'yan kallo za su karanta ta sarai, ta fi kukan ƙarya aiki nesa ba kusa ba. Sharaɗi ɗaya ne: ya zama aikin da mutumin ya iya tun asali. Idan ka ba wadda ba ta taɓa kaɗi ba mazari, ka ƙara mata abin tsoro na biyu.

Akwai abin da nake roƙonka ka hana kanka, ko da yana cin ranka: kada ka tashi ka gwada musu yadda za su yi. Da ka ce "kalle ni, haka za ki faɗa," to daga ranar ta daina zama Talatu, ta koma mai kwaikwayonka, da muryarka da motsin hannunka, kuma kullum tana auna kanta da kai tana ganin ta gaza. Tambaya ta fi gwadawa. "Me kike tsoron zai ce?" "Da mahaifiyarka ce ta faɗi haka a gaban matarka, ina za ka kalla?" Gyara kuma ɗaya-ɗaya ake ba da shi. Idan an gama fitowa, fara da faɗin takamaiman abin da ya yi kyau, kamar "lokacin da kika juya masa baya kina magana, wurin ya zauna," sannan ka kawo gyara guda a sake. Wanda aka jera wa gyara biyar zai shiga fitowar yana lissafi, lissafin kuma shi ne sandarewar da kake gudu. Kada ka riƙa tsayar da su a tsakiya sai dole. Bari su kai ƙarshe ko da sun kauce, domin wanda ya saba ana katse shi yakan yi wasa kunnensa na wajenka.

Idan mai fitowa a Inna ta haife ka, ka san ba za ka gyara mata a gaban yara ba. Ka same ta gefe, ka rusuna, ka mayar da gyaran shawara: "Inna, ya kike gani idan kika bari sai ya kusa amincewa sannan ki sa baki?" Sau da yawa za ta kawo maka abin da ya fi naka. Dattijuwar da aka kunyata sau ɗaya a gaban jikokinta ba za ta sake sakin jiki ba, wataƙila ma gobe a ce maka ba ta jin daɗi.

Wannan ya kawo mu kan kunya, wadda dole ka yi lissafinta tun wurin rabon matsayi. Matar aure ko budurwa da za ta fito a matar wani namijin unguwa tana ɗauke da nauyin abin da za a ce gobe. Ka tabbatar mijinta ko iyayenta sun sani sun yarda kafin a fara, kai da kanka ka je ko ka tura babba. Kada ka haɗa waɗanda ke jin nauyin juna a zahiri, kamar suruki da suruka, a fitowar da za su yi sa-in-sa. Waɗanda akwai wasa tsakaninsu kuwa, taubasai ko jika da kaka, haɗa su alheri ne, don sun riga sun saba tsokanar juna. Kuma ka kwantar wa kowa da hankali cewa babu taɓa jiki. Ba ka rasa komai ba da hakan, domin a tsakar gidan Bahaushe, gaban uwar miji, tazarar da ke tsakanin miji da mata ita ce gaskiyar lamarin. Matar da ke magana tana kallon farantinta, ba ta ambaci sunan mijinta ba, ta fi kama da abin da 'yan kallo suka sani.

Wurin zaɓe, ka ba mutum matsayin da ya san irinsa da kyau, amma kada ya zama labarinsa ne shi kansa. Tela zai iya fitowa a magidancin da kasuwa ta yi wa nauyi, don ya san wannan halin. Amma idan a cikinku akwai wadda ta rasa ciki ko ta rasa 'yar'uwa wurin haihuwa, kada ka ɗora ta a kan wannan fitowar don kana ganin za ta yi kukan gaske. Za ta iya yi ɗin, sai dai ba za ta iya tsayar da shi ba, kuma ba ka da hurumin tone mata ciwo saboda wasa. Idan ita ta nema da kanta, ku zauna ku yi magana, ka bar mata ƙofar janyewa a buɗe har ranar ƙarshe.

Kishiyar sandarewa ita ma matsala ce, kuma za ka gamu da ita da zarar sun fara sabawa. A kowace ƙungiya akwai mai ban dariya. Ranar da ya yi wani abu aka fashe da dariya, gobe zai ninka shi, jibi ya karkace hula, ya shafa toka a gemu, ya ranƙwafa yana karkarwar murya. Shi ma tsoro ne ke sa shi, dariyar ce mafakarsa. Illar ita ce idan mijin Talatu ya zama abin dariya, babu magidancin da ke cikin 'yan kallo da zai ga kansa a jikinsa, kowa zai ce ai wannan wawa ne, ni ba haka nake ba, saƙon kuma ya wuce ta saman kansu. Maganinsa shi ne ka mayar da shi kan bukatarsa. Ka tambaye shi: "Ka taɓa shiga gida babu ko sisi, aka tambaye ka kuɗin cefane?" Zai yi shiru. Ka ce ya yi fitowar sau ɗaya a zaune, da ƙaramar murya, kamar babu kowa a wurin sai su uku. Sau da yawa a nan ne za ka ga mutumin da kake nema. Dariya ba laifi ba ce, wasan da babu ita a fili ba ya riƙe jama'a, amma ka ware mata wurinta. Ka ba mai barkwancin fitowar majalisa ko ta mai shayi ya baje kolinsa a can.

Wuri na biyu da wasannin wayar da kai ke mutuwa shi ne bakin ma'aikaciyar lafiya. Ana zuwa fitowar asibiti sai ta juyo ta fuskanci jama'a ta yi lacca ta minti biyar, yara su fara guje-guje, mata su fara hira. Ita ma ka ba ta aiki da bukata. Tana ɗaura wa Talatu abin awon jini a dantse, layi ya yi tsawo a waje, tana so ta shawo kan mijin cikin ɗan lokacin da take da shi. Kada ta faɗi komai sai abin da aka tambaye ta ko abin da ta gani. Ta danna ƙafar Talatu da yatsa, ta dubi abin awon, ta tambaya: "Kina ciwon kai? Idonki yana yin dishi-dishi?" Sannan ta juya ga mijin ta gaya masa cewa jininta ya hau, kuma irin wannan idan aka bar shi yana iya kai mace ga jijjiga. Waɗannan su ne jimlolin da za a haddace, kuma ka kai su wurin ma'aikaciyar lafiya ta gaske ta duba kafin ranar. Kada kuma ka sa Inna ta tuba nan take tana cewa yanzu ta gane. Mutanen da ke kallo sun san tsohuwa ba ta sauka daga ra'ayinta cikin minti biyu. Ya isa ta yi shiru, ko ta ce "to, ku dai kuka sani," washegari kuma a ga ta kunce bakin zaninta ta miƙa kuɗin mota ba tare da ta kalli kowa ba. Idan kana so, kana iya bin hanyar Augusto Boal na Brazil, ka tsayar da wasan daidai inda mijin ya ƙi, ka tambayi 'yan kallo me ya kamata Talatu ta yi. Sai dai wannan yana bukatar mai jan ragama da ya iya riƙe taro, kada ka ɗora wa sababbin 'yan wasa shi.

Game da murya, fili yana cinye sauti, kuma idan ka ce wa mutum "ɗaga murya" ihu zai yi, duk taushin da kuka gina ya tafi. Dabarar ita ce ka nisanta su da juna. Inna ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, taku bakwai ko takwas daga tabarmar ɗanta, Talatu kuma tana wajen murhu. Mutum da kansa yake daidaita muryarsa da nisan wanda yake yi wa magana, ba sai an gaya masa ba. A gwaji ka tsayar da wani a inda layin ƙarshe na 'yan kallo zai kasance, ya ɗaga hannu duk lokacin da bai ji ba. Idan taron zai yi girma har a bukaci lasifika, to a fara gwaji da makirufo tun mako guda kafin ranar, domin wanda aka damƙa wa shi a karon farko yakan koma mai sanarwa, ga shi kuma ya cinye hannun da ke tsintar shinkafa. Wanda ake kafawa a sanda kusa da inda za su zauna ya fi na hannu. Janareta kuma a kai shi nesa, bayan azuzuwa. Ka je filin da la'asar ka ga inda rana take, ka tsara wurin yadda za ta bugo daga gefe, kada ta shiga idon 'yan wasa ko na 'yan kallo.

Mako huɗu ya isa idan wasan bai wuce minti talatin zuwa arba'in ba. Ku haɗu sau uku a mako, awa ɗaya da rabi, tsakanin la'asar da magariba ko duk lokacin da matan suka ce ya fi musu. Kowane zama ku buɗe shi da minti goma na abin da zai sa a yi dariya tare, waƙar gaɗa da tafi ko kacici-kacici, kai ma kana ciki. Makon farko hira ce da gwada fitowa ba tare da an tsayar da komai ba, a rufe, babu ɗan kallo ko ɗaya, babu mai ɗauka da waya. Wannan na waya ka tsaya a kansa da ƙarfi, don tsoron a ga kuskurensu yana yawo a wayoyin unguwa ya isa ya ɗaure kowa. Mako na biyu ku tsayar da matakan kowace fitowa da wurin zaman kowa. Na uku ku riƙa yin wasan daga farko zuwa ƙarshe da kaya da tufafi. A nan za ka ga wata sabuwar cuta: sun maimaita har maganar ta daskare, sun koma hadda da kansu. Alamarta ita ce mutum ya fara ba da amsa kafin a gama yi masa tambaya. Idan ka ga haka, ka sake raɗa wa ɗaya wani abu. Ka ce wa mijin yau ya ƙi cin tuwon, ko Inna ta fito tun kafin lokacinta. Dole sauran su farka su saurara.

'Yan kallo kuma a hankali ake shigo da su. A ƙarshen mako na uku ka gayyato mutum biyar ko shida da 'yan wasan suka yarda da su. A mako na huɗu ku yi gwaji ɗaya a filin kansa, a daidai lokacin da za a yi wasan, ka bar yaran unguwa su taru. A wannan gwajin ne za su koyi jira idan an yi dariya, kada su yi magana a cikinta ta haɗiye musu jimla.

Ranar wasa kada ka kawo sabon gyara ko ɗaya. Wanda ya fi kowa tsoro, ka tsara ya shigo ɗauke da wani abu, buta ko tabarma, kuma maganarsa ta farko ta zama sallama da gaisuwa, abin da bakinsa zai yi ko yana rawar jiki. Kafin a gama "ina wuni, ya gida, ya yara" numfashinsa ya dawo. Ku kuma yi yarjejeniya tun a gwaji cewa idan wani ya ɓace, babu mai raɗa masa daga waje. Abokin wasansa ne zai jefa masa tambaya daga cikin labarin, kamar "Baban Ummi, ba ka ce komai ba kan maganar goben." Ku gwada wannan da gangan sau biyu ko uku, don sanin cewa akwai mai ceto yana rage mantuwar kanta.

Za ka iya samun mutum ɗaya da duk wannan bai sake shi ba. Zuwa ƙarshen mako na biyu za ka gane shi. Kada ka kore shi, kada kuma ka bar shi a matsayin da zai kunyata. Ka mayar da shi cikin 'yan majalisa ko masu jiran layi a asibiti, inda zai yi magana ɗaya ko biyu a cikin jama'a, ko ka damƙa masa kula da kayan wasa, ka kuma gaya masa dalilin kai da shi kaɗai.

Idan an gama, kafin jama'a su watse, ka fito da 'yan wasan gaba ɗaya ka gabatar da kowa da sunansa na gaskiya da sana'arsa, ka faɗa a fili cewa wane ya ari halin mijin Talatu ne don a ga matsalar, ba halinsa ba ne. A unguwa sunan wasa yana bin mutum, yara za su yi ta kiran mai fitowa a Inna da sunan muguwar suruka har a kasuwa. Saboda wannan dalilin ne ma tun farko za ka guji ba kowane hali sunan wani sananne a unguwar, ko barin ɗan wasa ya kwaikwayi tafiyar wani ko maganarsa yadda za a gane da wa ake.